Tsarin tallar shagonmu na shekarar 2026, Tahoua

Mariyama ƙanwata, tunda wayar shagonmu na garin kunu da yaji ta koma hannunki daga watan Janairu, ga tsarin abin da za mu riƙa sakawa a WhatsApp da Facebook har ƙarshen shekara. Ki kwafe ranakun a kalandar bango ta bayan kantar shago, ki ajiye wannan a waya.

Abin da nake so ki riƙe kafin komai shi ne aljihun mai saye. Mutanenmu iri uku ne, kuma kuɗinsu ba rana ɗaya yake zuwa ba. Akwai matan ma'aikata, masu jiran albashin ƙarshen wata. Akwai mutanen ƙauyukan Adar da ke shigowa kasuwar Lahadi, waɗanda hannunsu ke buɗewa da kaka, ya sake buɗewa in an cire albasa. Sai ƴan cirani na Abijan da Libiya da Aljeriya, waɗanda ba sa taka shagon da ƙafarsu amma su ke aiko kuɗin a kai kaya gida. Duk hoton da za ki saka, ki fara sanin wanne cikin ukun kike yi wa magana, kuma ko yana da kuɗi a wannan satin.

Na kowane sati ba ya canzawa, sai inda na faɗa a ƙasa. Asabar da marece, hoton kayan da ke akwai da farashinsu, saboda masu zuwa kasuwa gobe. Laraba, ɗan bidiyon aiki: wankin gero, shanya, daka yaji, ƙulla leda. Juma'a, gaisuwa kawai, ba farashi. Statut awa 24 yake yi ya ɓace, don haka abin da ya shafi farashi ki maimaita shi a Facebook inda zai zauna. Kowane rubutu ki bi shi da saƙon murya, don rabin masu sayenmu da kunne suke karɓar labari. Bidiyo kada ya wuce rabin minti, mega tsada gare ta. Daga 25 ga wata zuwa 5 ga wata mai kamawa ki tura manyan ƙulli, sauran kwanakin ƙanana.

Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu

Sanyi ne, kuma lakwal ta koma bayan hutun ƙarshen shekara. Garin kunu shi ne gaba: kunun safe kafin yara su fita. Hoton kofi yana tururi da ƙarfe shida na safe ya fi dogon bayani.

Amma babban aikin wannan lokacin shirin azumi ne. Ana sa ran Ramadan zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, gwargwadon ganin wata, wato Sha'aban zai shigo wajen 20 ga Janairu. Daga ranar nan za mu fara. Wadda ta jira sai an ga wata kafin ta yi tallar kayan azumi ta tarar uwar gida ta riga ta saya wurin wata. Satin farko na Sha'aban ki sanar da ƙullin azumi, ki ce ga abin da ke ciki. Sati na biyu maganar ƴan cirani ce, kuma ga yadda nake so a faɗe ta:

"Ɗan'uwa da ke nesa, azumi ya matso. Ƙullin azumi na jaka goma: garin kunun tsamiya, garin kunun gyaɗa, garin ƙosai, dakakken yaji da gabu. Ka aiko, mu kai wa Inna har gida cikin Tahoua, mu turo maka hotonta da kayan a hannu idan ta yarda."

Wannan "idan ta yarda" kada ki cire shi. Ba ma ɗaukar hoton kowa sai da izininsa, kuma hoton tsohuwar mutum ɗansa kaɗai ake tura wa, ba ya hawa statut.

Azumi da Ƙaramar Sallah

Cikin azumi lokacin sakawa yana juyawa. Da rana mutane a gajiye suke, kuma ni dai ba na son a riƙa nuna wa mai azumi hoton ƙosai da azahar. Ki saka bayan la'asar, sa'ad da mata ke tunanin abin buɗa-baki, sannan bayan asham. Goman farko, yadda ake dama garinmu ba gudaji. Goman tsakiya mu buɗe rajistar cincin da dubulan na Sallah, kowa ya ba da rabin kuɗi. Mu rufe ta ranar 22 ga azumi, kuma ki faɗi ranar rufewar tun farko, ki maimaita ta sau uku. Goman ƙarshe mu rage surutu: mutane na ibada, mu kuma muna gaban kasko. Sallah za ta faɗo wajen 20 ga Maris. Ranar nan barka da Sallah kawai, da hotonmu mu duka a ƙofar shago.

Afrilu da Mayu

Nan ne shekarar bana ta matse, ki karanta da kyau. Zafi ya kai maƙura, albasar rani ta Galmi da sauran fadamun yankin tana fitowa, kuma Layya na tafe wajen 27 ga Mayu. Tsakanin Sallah da Sallah wata biyu ne da ƴan kwanaki, magidanta na tara kuɗin rago, ba wanda zai saki jaka biyar a kan abin marmari.

Afrilu na albasa ne. Lokacin ne take araha, lokacin ne muke saye mu yanka mu shanya. Ki nuna aikin tun daga buhu: launin albasar Galmi mai jan shuɗi, tabarmin shanya, yadda muke rufewa saboda ƙura. Ki gaya wa mutane gaskiyar dalili: wanda ya sayi busasshiya yanzu zai ji daɗinta da damina sa'ad da ɗanya ta yi tsada. Manoman albasa kuma yanzu suke da kuɗi, saboda haka Asabar ɗin watan nan ki ƙara saƙon murya na musamman gare su.

Farkon Mayu maniyyata ke shirin tashi. Guzurin alhaji: garin kunu, yaji, kuka, a ƙananan ledoji masu suna a jiki. Sau biyu ya isa. Ranar 13 ga Mayu ranar matan Nijar ce, wadda ta samo asali daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991. Ranar nan ba mu sayar da komai. Ki saka matan nan huɗu da ke mana surfe da daka, kowace ta faɗi aikinta da bakinta, in ta so. Shagon nan a kan hannuwansu yake tsaye, kuma ina so masu saye su san fuskokinsu.

Daga 14 ga Mayu har jajibir, yajin Layya da shi kaɗai. Kin san yadda ake yi a nan: a gicciye ragon a kan itace a kewaye wuta yini guda, washegari a raba, sauran a soye a adana. Duk matakan nan yaji suke ci. Ki raba tallar haka: yajin shafa wa gashi, yajin ci da nama, kayan ƙamshin suya. Kwalbar dala ɗari da ta jaka guda. Ki sake tura wa ƴan cirani saƙo kwana goma kafin Sallah, don wanda ya aiko kuɗin rago yakan manta da abin da za a ci shi da shi.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba ciniki yana sanyi, kuma kada ranki ya ɓaci. Ruwa ya sauka, mutanen ƙauye na gona, rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau. Wanda yake lissafin abin da zai kai shi kaka ba ya bukatar a cika masa waya da hotunan manyan ƙulli. Mu sauko zuwa sau biyu a sati, mu fito da ledar dala ashirin da ta dala hamsin. In dole ta sa muka ƙara kuɗi saboda tsadar gero, ki faɗa a fili kwana uku kafin ranar, da dalilinsa. Mai saye yana haƙuri da ƙari, abin da ke ɓata masa rai shi ne ya zo da kuɗinsa cif a ce masa sun kasa.

Akwai ƴan ranaku a ciki. Watan Yuni da Yuli ɗalibai na jarrabawar BEPC da bak: addu'a gare su, da kunun safe. Sabuwar shekarar Musulunci wajen 16 ko 17 ga Yuni, gaisuwa. Ranar 3 ga Agusta, bikin ƴancin kai na 1960 kuma ranar dashen itace, mu dasa zogale a bayan shago ki ɗauka. Maulidi wajen 25 ga Agusta, makarantun allo da gidaje na dafa abinci da yawa, ki tuna musu da yaji da gabu sati guda kafin nan. Sauran lokacin ki tara hotuna da bidiyo na ajiya, za ki bukace su sa'ad da aiki ya hana ki ɗaga kai.

Komawa lakwal da kaka

Farkon Oktoba yara ke komawa, iyaye kuwa tun tsakiyar Satumba suke fama da kuɗin littafi da kaya. Mu fara ranar 15 ga Satumba da ƙullin ɗalibi: garin kunu na wata guda, ƙuli-ƙuli da yaji, don yaran ƙauye da ke zama gidan ƴan'uwa a gari da masu tafiya jami'a. A nan ki yi magana da uwa, ita ce ke tunanin abin da yaro zai ci a wurin da ba ta nan.

Oktoba da Nuwamba sabon gero da wake sun shigo. Ranar da muka sayi buhun farko ki nuna shi, ki rubuta "garin sabon gero ya fito". Idan hatsi ya sauko mu ma mu sauko, ki sanar da ƙarfi kamar yadda muka sanar da ƙarin. Bayan girbi ne ake ɗaura aure da yawa, don haka kayan gara su hau gaba: cincin, dubulan, alkaki, da sharaɗin a yi oda kwana goma kafin biki. Lokacin ne kuma samari ke ɗaure jaka su tafi cirani. Duk wanda ya shigo sayen guzuri ki roƙe shi ya ajiye lambar shago, kuma ki tambaye shi ko ya yarda mu riƙa tura masa saƙo. Waɗannan lambobin su ne cinikin azumi mai zuwa.

Disamba

Ranar 18 ga wata bikin Jamhuriya ne, gaisuwa. Sanyi ya dawo, kunu ya dawo. Idan hukuma ta sa kokowar takobi a ƙarshen wata, garin nan ba ya jin wata magana sai ta fili, tunda a nan Tahoua aka fara gasar a 1975. Ki yi wa ƴan kokowarmu fatan nasara, ki saka tallar da safe kafin a zauna gaban telebijin. Maƙwabtanmu Kirista na da Kirsimeti ranar 25, akwai masu odar cincin cikinsu, ki tuntuɓe su tun farkon wata.

Watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka azumin 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, Sha'aban kuma cikin kwanaki goman farko na Janairu. Hotunan ƙullin azumi su zama a shirye kafin 31 ga Disamba.

Ki sayi kaye guda. Duk wanda ya yi oda ta waya ki tambaye shi inda ya gani, ki rubuta ranar da abin da ya saya. Lahadin ƙarshe ta kowane wata, bayan an tashi kasuwa, mu zauna ni da ke mu duba shi, mu gyara na watan gaba. Zaman farko 25 ga Janairu.

Yayarki, Hadiza