Tsanin rizista R-2R: yadda ake fitar da boltej na lamba mai bit huɗu

Da'irar tana da mahaɗa huɗu, N0 zuwa N3. Tsakanin kowace mahaɗa da mai bi mata akwai rizista R, guda uku ke nan. Daga kowace mahaɗa kuma rizista 2R tana tafiya zuwa bit ɗinta: b0, mafi ƙanƙanta, a N0, b3, mafi girma, a N3. Sai 2R ta biyar, wadda ke ɗaure N0 da ƙasa. A N3 ake ɗaukar boltej ɗin fita. A nan R = 10 kΩ, 2R = 20 kΩ, Vref = 5 V. Bit idan 1 ne yana kan 5 V, idan 0 ne yana kan ƙasa.

Za mu bi ƙa'idar Thevenin, mu fara daga gindin tsanin. Tsaya a N0 ka manta da abin da ke sama. Abin da ke gabanka 2R ce zuwa b0 da wata 2R zuwa ƙasa. Tunda girmansu ɗaya, suna raba boltej biyu daidai, kuma idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama R. Wato ana iya maye gurbinsu da tushe ɗaya mai boltej V0 = b0·Vref/2 da juriya R.

Yanzu ƙara R ɗin da ke tsakanin N0 da N1. R da R a jere sun zama 2R. Ka ga a N1 mun koma gidan jiya: 2R daga ƙasan tsani, 2R daga b1. Boltej ɗin mahaɗar shi ne tsaka-tsakin na biyun, juriyar kuma ta sake komawa R. Haka abin yake maimaituwa har sama:

```
V0 = (b0·Vref)/2
V1 = (V0 + b1·Vref)/2
V2 = (V1 + b2·Vref)/2
V3 = (V2 + b3·Vref)/2
Vout = V3 = Vref·(b3/2 + b2/4 + b1/8 + b0/16) = Vref·D/16
```

D ita ce ƙimar lambar, daga 0 zuwa 15. An raba b0 biyu har sau huɗu kafin ya iso sama, shi ya sa rabonsa ɗaya bisa sha shida, b3 kuwa sau ɗaya kawai.

Mu gwada da 1011, wato D = 11. A N0, rabin 5 V ya ba da 2.5 V. A N1, b1 yana kunne, (2.5 + 5)/2 = 3.75 V. A N2, b2 sifili ne, sai ya faɗo zuwa 1.875 V. A N3, (1.875 + 5)/2 = 3.4375 V, daidai da 5 × 11/16. A kula: waɗannan na tsakiya boltej ne na Thevenin, na tsanin da aka yanke a wurin. Wanda ya ɗora mita a N1 alhali sauran tsanin yana haɗe ba zai ga 3.75 V ba, kuma da'irarsa lafiya lau take. V3 kaɗai mita za ta tabbatar.

Kowane mataki 0.3125 V ne. Lamba 1111 tana ba da 4.6875 V, ba ta kai 5 V, saura mataki guda.

Lissafin ya ɗauka ba a jan komai daga N3. Juriyar fita R ce, 10 kΩ, ko wace lamba aka saka. Mita mai 10 MΩ ba ta rage abin a zo a gani, amma lodi na 100 kΩ zai mayar da 3.4375 V zuwa 3.125 V, an yi asarar mataki sukutum. Maganinsa a sa amfilifaya mai bin boltej bayan N3. Sai dai amfilifaya irin LM358 a kan 5 V ba ya wuce kusan 3.5 V, don haka lambobin sama za su maƙale idan ba a ƙara masa wutar da yake ci ba.

Inda rashin daidaiton rizista ya fi nunawa shi ne tsallakawa daga 0111 zuwa 1000, lokacin da duk bit huɗu ke juyawa tare. A ce 2R ta b3 ta zo 21 kΩ, kashi 5 cikin ɗari sama. Lamba 0111 za ta ba da 4.375 × 21/41 = 2.241 V, 1000 kuma 5 × 20/41 = 2.439 V. Matakin ya ragu zuwa 0.198 V. In kuskuren ya haura kusan kashi 14.3, boltej zai sauka a wurin da ya kamata ya hau. Saboda haka mun fi son a gina tsanin da rizista 10 kΩ masu kuskuren da bai wuce kashi 1 ba, guda goma sha uku, daga ƙunshi ɗaya, kowace 2R a yi ta da biyu a jere, domin daidaituwarsu da juna ita ce ke fitar da amsa, ko da dukansu sun ɗan kauce wa 10 kΩ.

Sai kuskuren da ɗalibai suka fi yi: amfani da makunni mai yanke waya kawai, bit ya zauna a sake maimakon ya taɓa ƙasa. Reshen ya fita daga da'ira ke nan, rabawa biyu ba ta faru ba. A 1011, idan b2 ya zauna a sake, N2 za ta riƙe 3.75 V a bayan 2R, N3 ta gan shi ta 3R, mita ta nuna 4.5 V a maimakon 3.4375 V.