Gyaran Oda Mai Lamba 418: Mita Ne, Ba Ƙafa Ba

Ranka ya daɗe Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran kanti.

Takardar odar da aka rubuta bayan maganarmu ta waya ranar Litinin ta iso hannuna yau da safe. Kayan da ke ciki su ne na nema, lambobin ma daidai suke, amma a gurbin ma'auni an sa ƙafa daga sama har ƙasa, alhali da mita na yi oda. Don Allah a dakatar da yanka har a gyara takardar.

Abin da nake so shi ne wayar wuta mai milimita 2.5, mita 300, wato naɗi 3 na mita 100 kowanne. Sai tiyon ruwa mai inci 1, mita 50. Sai igiyar nailan, mita 120.

Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, ba ta kai ko sulusin mita ba. Idan aka bi takardar yadda take, wayar da za ta zo mini mita 91 ce da 'yan kai, ko naɗi ɗaya ba ta cika ba, tiyon kuma mita 15 da kaɗan. Wayar ce ta fi damuna. Mai aikin wutar da zai ɗauke ta gida guda zai ja wa waya, ya riga ya fasa bango ya binne bututu, jira kawai yake yi. Ba zan miƙa masa guntaye ya yi ta haɗi a cikin bango ba, don ka fi ni sani, a wurin haɗi waya ke fara zafi. Tiyo kuwa da zarar wuƙa ta hau shi magana ta ƙare, kai ba za ka karɓe shi ba, ni ma ba zan iya liƙa shi ba.

Wani hanzari kuma: kada magatakarda ya ɗauki na'urar lissafi ya juya ƙafa 300 zuwa mita 91 ya ce ya gyara. Lambobin su tsaya yadda suke, kalmar ƙafa kaɗai za a soke a rubuta mita. Inci 1 ɗin tiyo shi ma kada a taɓa shi, faɗin bakinsa ne, kuma da inci kowa ke kiransa a sana'ar nan.

Na san kuɗin zai ninka fiye da sau uku in dai da ƙafa aka yi lissafin farko. Ba komai, a aiko mini da sabuwar takarda mai cikakken jimla, in biya ranar da na gan ta. In kuwa har an riga an yanka wani abu, ka kira ni kafin a yi lodi mu san yadda za mu yi da shi. Ina son kayan su biyo motar Alhamis kamar yadda muka shirya.

Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Naka,
Mai shagon kayan wuta da na famfo