Taƙaitaccen Bayani Game da Ni: Malamar Lissafi Mai Neman Aikin Gina Manhaja

Shekara tara na yi ina koyar da lissafi a makarantar sakandare, daga 2015 zuwa 2024, huɗun ƙarshe kuma ni ce jami'ar jarrabawa. Yanzu manhaja nake ginawa da Python da Django da PostgreSQL. Babban aikin da zan iya nuna muku shi ne manhajar tattara maki da fitar da katin sakamako, wadda malamai 31 ke amfani da ita a kan ɗalibai 840, zango takwas ke nan a jere. Ina neman gurbin `Junior Backend Developer`, a wurin da ake duba kod ɗin juna kafin a haɗe shi. In lokacinku ya ƙure, wannan sakin layin ya wadatar. Abin da ke biye bayani ne na yadda aka yi na iso nan, da abin da na iya, da wanda ban iya ba tukuna.

Ranar da aka ba ni ofishin jarrabawa, a 2020, abin da na gada fayil ne na Excel mai shafi 24, kowane aji da shafinsa, da `VLOOKUP` a sarƙe da juna, wanda ya tsara shi kuma ya daɗe da barin makarantar. Kowane ƙarshen zango malamai su kawo maki a takarda, mu uku mu zauna muna shigarwa, kwana tara kafin kati ya fita. Ko ya fita ɗin ba a hutawa, sai an ga uba ya zo da katin ɗansa a hannu yana tambayar yadda 62 ta koma 26. A wannan shekarar aka rufe makarantu saboda korona, na sami watannin da ban taɓa samu ba tun da na fara aiki, sai na fara koyon Python da niyya guda: in daina kwafar maki da hannu. A 2022 na kammala CS50x, kwas ɗin gabatarwa ga ilimin kwamfuta da Jami'ar Harvard ke bayarwa kyauta ta intanet. Can na fara taɓa C da SQL, can kuma na gane cewa abin da nake yi da shafukan Excel rumbun bayanai ne na ƙi kiransa da sunansa.

Manhajar ta fara aiki a zangon farko na 2022. Malami yana shiga ta wayarsa, ya ga azuzuwansa kaɗai, ya sa makin gwaji da na jarrabawa. Ita ke haɗa jimla, ta fitar da matsakaici da matsayi, ta buga kati a PDF. Kwana tara ya koma biyu, biyun ma yawanci jiran malaman da ba su gama maka ba ne. Ni na tsara teburan rumbun bayanan, na rubuta izinin shiga na malami da na shugaban sashe da na ofishin jarrabawa, na ɗora ta a sabar Linux, na sa ta riƙa ajiye kwafin bayanai kowane dare da `pg_dump`. Har yau ni ke kula da ita, ko da yake na bar aji.

Akwai wani kuskure nawa da nake so ku ji daga bakina, don ya fi duk jerin ƙwarewa nuna yadda nake aiki. A zangon farko wata yarinya ta sami 44.5 a lissafi, makin tsallakewa kuwa 45 ne. Dokar makarantar ita ce rabi a cike shi sama, haka `ROUND` na Excel ya saba yi mana. Katinta ya fito da 44, wato ta faɗi. Malamin ajinsu ne ya riske ni da takardar amsarta, ya ce, “Malama, injin naki ya kayar min da yarinya.” Na duba jimla, daidai take. Na duba shigarwa, daidai take. Sai da na buɗe Python na buga `round(44.5)` da hannuna na ga 44, na buga `round(45.5)` na ga 46. Ashe a Python 3, idan lamba ta faɗo daidai tsakiya, `round()` kan kai ta ga lambar da biyu ke rabawa wadda ta fi kusa. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka tsara shi, ni ce ban karanta bayaninsa ba. Gyaran gajere ne:

```python
from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP

def cike_maki(maki):
    return int(Decimal(str(maki)).quantize(Decimal("1"), rounding=ROUND_HALF_UP))
```

Ban tsaya a kan yarinya ɗaya ba. Na rubuta tambayar SQL da ta zaƙulo duk makin da ya ƙare da .5 a zangon, na sami ɗalibai 17 da aka rage wa maki ɗaya, uku a cikinsu matakin sakamakonsu ya canza. Na kai wa shugabar makaranta jerin sunayen kafin kowa ya tambaya, aka sake buga katunan. A daren na rubuta gwajina na farko da pytest, kuma tun daga nan ba na taɓa lissafin maki ba tare da gwaji ya riga shi ba. Yanzu gwaje-gwajen sun kai 140, GitHub Actions ke gudanar da su duk sa'ad da na tura canji.

Batun matsayi ma sai da ya tara mu a ɗakin malamai. Yara biyu sun yi kunnen doki a na biyu, to mai bi musu na uku ne ko na huɗu? A SQL `RANK()` zai ce na huɗu, `DENSE_RANK()` zai ce na uku, rubuta kowanne minti ɗaya ne. Amma ba ni ke da hurumin zaɓa ba. Na kai tambayar gaban malamai da misali a allo, aka yi awa guda ana ja-in-ja, aka tsaya a kan na huɗu, na rubuta matsayar a takardar bayanin manhajar da kwanan wata. Na lura da yawan abin da ake kira matsalar manhaja irin wannan ne, doka ce da kowa ke zaton an sani amma ba wanda ya taɓa rubuta ta.

Ana yawan cewa malami yana da haƙuri da iya magana, ni ba wannan zan kafa hujja da shi ba, don kowa na iya rubuta shi. Abin da aji ya koya min ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi amfani. Idan yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, jan biro a kan amsar ba ya koya masa komai. Sai ka bi aikinsa layi bayan layi har ka iso inda ya juya alamar ragewa, ko ya raba kafin ya buɗe baka. Na yi wannan a kan littattafai 60 a aji ɗaya, azuzuwa biyar, mako bayan mako. Ranar da na fara bin `traceback` daga ƙasa zuwa sama, sai na ji hannuna ya san hanyar. Na kuma saba da mai amfani da ba ya faɗin ainihin matsalarsa. Malamin da ya ce “ba ta aiki” yana iya nufin ya manta kalmar sirri, ko intanet ya yanke yana tsakiyar sa maki, ko maɓallin ajiyewa ya ɓuya a ƙasan allon wayarsa. Na ukun nan ya faru da wani dattijon malami mai koyar da tarihi, kwana biyu yana jin kunyar faɗa. Da na zauna kusa da shi na kalli yatsansa, na mayar da maɓallin sama, na sa maki ya riƙa ajiye kansa da zarar an bar akwatin.

Abubuwan da nake aiki da su kullum: Python, Django, Django REST Framework, PostgreSQL, Git, pytest, da layin umarni na Linux. Ina rubuta HTML da CSS da JavaScript gwargwadon abin da shafi ke buƙata. Na taɓa rage lokacin buɗe shafin aji daga daƙiƙa 11 zuwa ƙasa da ɗaya, bayan na gano yana aika wa rumbun bayanai tambaya daban a kan kowane ɗalibi. `select_related` da `prefetch_related` suka warware shi. Docker na san shi daidai tayar da manhajata da rumbunta a kwamfutata, ban wuce nan ba.

Digirina na ilimi da lissafi ne, ba na kimiyyar kwamfuta ba. Ban taɓa aiki a cikin tawagar injiniyoyi ba, kuma wannan ne giɓin da ya fi damuna, domin mai gini shi kaɗai ba ya jin wanda zai ce masa katangarsa ta karkace. Don rage shi, tun 2023 nake tura gyara ga wata buɗaɗɗiyar manhajar tsara jadawalin darussa. An karɓi guda shida, an mayar min da biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka mayar, mai dubawa ya rubuta min sharhi 14 a kan layi 40. Na ji zafi na yini guda, kamar yadda na tabbata ɗalibaina sun sha ji, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya. A 12 shi ke da gaskiya, a biyun da suka rage na kawo dalilina ya amince. Ban taɓa riƙe manhajar da dubban mutane ke shiga lokaci guda ba. Mafi yawan da na gani malamai 31 ne a daren rufe shigar da maki.

Ba gudun aji na yi ba, ina son koyarwa, har yanzu ranar Asabar ina zama da 'yan mata tara muna koyon Python. Abin da ya faru shi ne na wayi gari ina ɗokin a tashi makaranta in koma kan gyaran da na bari jiya, na shekara biyu a haka, na ga bai kamata in ci gaba da raba zuciyata a kan yaran mutane ba. Na jira ƙarshen shekarar karatu, na miƙa ofishin jarrabawa da littafin bayani mai shafi 18, sannan na ajiye aiki.

Zan fi amfani a inda manhaja ke taɓa bayanan mutane da lissafin da ba ya son kuskure, kamar makarantu ko biyan albashi ko rajistar asibiti, amma ban taƙaita kaina a nan ba. Na san zan fara daga matakin ƙasa, na kuma yi shirin hakan. Zan iya fara aiki cikin mako biyu, a ofis ko daga gida. Kod ɗin manhajar sakamakon yana GitHub, da bayanan ɗalibai na ƙirƙira a madadin na gaskiya, adireshin yana saman takardar tarihin aikina da ke haɗe da wannan. Idan za ku duba, ku fara da `tests/test_maki.py`. Gwajin farko a ciki shi ne na 44.5.