Layi na goma sha bakwai

Rana ta huɗu da ɓarkewar amai da gudawa a unguwar, Hadiza ta iso gidan Malam Sule, laka har idon sawu. Jikarsa na kwance a asibiti, ana yi mata ƙarin ruwa.

"Baba, su wa suka kwana a gidan nan makon jiya?"

Ya lissafa mutum tara. Ta rubuta tana ƙunƙuni a zuci, don ita a ganinta cike fom ɓata lokaci ne, gara ta raba gishiri da sukari ta wuce.

"Ina kuke ɗiban ruwa?"

"Wurin mai kura, 'yata. Ɗan gurgun nan."

Da daddare ta baje takardun a kan tabarma, ta haska tocila. Gida shida, duk mai kura ɗaya, shi kuwa rijiyar bayan kwata yake zuwa. Sai layi na goma sha bakwai: babu adireshi, babu lambar waya. Ita ta bar shi haka shekaranjiya, tana sauri. "Baƙuwa, mai ciki, ta koma ƙauye."

Wane ƙauye?

Ko sallar asuba ba a idar ba, tana ƙofar gidan da baƙuwar ta sauka tana sallama.