Amsoshin jarrabawa: ire-iren ofishin kula da ayyuka da rawarsa a shugabanci

Jarrabawar ƙarshen zango, darasin Sarrafa Ayyuka, Sashe na B (maki 30)

Tambaya ta 1. Kawo ire-iren ofishin kula da ayyuka guda uku, ka bambanta su. (maki 9)

Rabe-raben da aka fi sani shi ne na PMI, cibiyar ƙwararrun masu sarrafa ayyuka da aka kafa a Amurka a 1969, kuma ma'auninsa ɗaya ne: yawan ikon da ofishin ke da shi a kan ayyukan.

Na farko ofishi ne mai tallafawa. Yana ba da shawara da horo da samfurin fom, yana kuma adana darussan ayyukan baya. Manajan aiki in ya ga dama ya ɗauka, in bai gani ba ya bari. Ikonsa kaɗan ne.

Na biyu mai sa ido ne. Shi ma yana tallafawa, amma yana tilasta bin ƙa'ida: kowa ya yi aiki da hanya ɗaya, ya cika fom iri ɗaya, ya miƙa rahoto a kan kari. Yana duba ko an bi. Ikonsa matsakaici ne, domin har yanzu manajan na ƙarƙashin shugaban sashensa.

Na uku mai riƙe ragama ne. Shi ke naɗa manajoji, gare shi suke kai rahoto, shi ke tafiyar da aikin. Ikonsa ya fi na sauran.

Tambaya ta 2. Mene ne bambancin shugabanci da gudanarwa? (maki 4)

Shugabanci shi ne tsara wanda ke da ikon yanke wane hukunci, da ma'aunin yanke shi, da wanda za a tuhuma in abu ya lalace. Gudanarwa kuwa tafiyar da aikin ne kullum cikin wannan iyaka.

Tambaya ta 3. Kwatanta rawar kowane iri wajen shugabancin ayyuka. (maki 10)

Mai tallafawa rawarsa a kaikaice take. Yana sa ma'aikata su fahimci juna, amma tun da ba dole, rahoton aiki ɗaya ba ya kama da na wani, shugabanni kuma ba sa iya kwatanta su.

Mai sa ido ya fi shiga tsakiyar lamarin. Kafin aiki ya tsallaka daga wani mataki zuwa na gaba, shi ke tattara hujjoji: nawa aka kashe, me aka kammala, wane haɗari ke tafe. Yana tabbatar da cewa sauyin da ya wuce hurumin manaja ya isa kwamitin jagoranci. Sai dai a lura, kwamitin ne da mai ɗaukar nauyin aikin ke cewa a ci gaba ko a tsaya. Ofishin yana kai musu bayanin da za su dogara da shi ne kawai. Rauninsa sananne ne: in fom ya yi yawa, manajoji kan koma rubuta abin da ake son gani.

Mai riƙe ragama yana da saurin hukunci, kuma an san wanda za a kama. Matsalarsa ita ce shi ke yin aikin, shi ke ba da labarinsa. Da wuya ya kai ƙarar kansa. Don haka dole a sami masu binciken da ba ƙarƙashinsa suke ba. A ganina ƙarin iko a hannun ofis ba ya nufin shugabanci ya inganta.

Tambaya ta 4. Kamfani yana da ayyuka 14 a sassa huɗu. Kowane sashe da salon rahotonsa, har hukumar daraktoci ta kasa gane waɗanda suka zarce kasafi. Manajojin ƙwararru ne. Wane iri ya dace? (maki 7)

Mai sa ido. Matsalar ita ce rashin ma'auni ɗaya, ba rashin ƙwarewa ba, saboda haka ƙwace ragama daga manajoji zai jawo rigima da shugabannin sassa ba gaira ba dalili. Mai tallafawa kuma ba zai iya tilasta wa sassan su daidaita ba.

A kafa shi a matakin kamfani baki ɗaya, yana kai rahoto ga wani babban darakta, domin in aka sa shi cikin sashe ɗaya sauran uku ba za su saurare shi ba. Ya fara da abu biyu: rahoton wata iri ɗaya da ke nuna kasafi da abin da aka kashe, da kuma iyakar da in aiki ya ƙetare ta, misali kashi 10 cikin ɗari na kasafi, sai an kai maganar gaban kwamiti.