Amsoshin tes ga abokan cinikinmu masu ƙaramar waya

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta masu zama a teburin amsa saƙo ce a ofishinmu na Jidda, da na safe da na dare. A liƙa ta kusa da kwamfuta kafin cunkoson Umarar azumi ya kankama.

Kafin ka taɓa rubutu, dubi gefen lambar mai saƙon. In ka ga `WhatsApp`, amsa yadda ka saba. In `SMS` ka gani, ajiye waɗancan dogayen amsoshi masu tauraro da hoton jirgi, ka ɗauko ɗaya daga nan. Yawancin masu yi mana tes iyayenmu ne na Misfala da Jarwal da Bab Sharif, sai masu jiran kaya a ƙauyukan Kano da Damagaram, kuma wayarsu ba ta san kaurara rubutu ba. Tauraron da ka sa zai fito mata tauraro tsirara a gefen kalma, dattijo ya ɗauka wata lamba ce.

Tes guda yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar harafi ɗaya tak ya shigo wanda ba ya cikin jerin haruffan GSM, sai iyakar ta faɗo zuwa 70. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ duk ba sa cikin jerin, haka haruffan Larabci da 'yan fuskokin dariya. Saƙon da ya wuce iyaka kuwa datsa shi ake yi, kowane yanki 153, ko 67 in da baƙon harafi, kuma kowane yanki kuɗinsa daban. Wato amsa mai harafi 150 tes ɗaya ce, amma ka sa mata ƙugiya guda ta zama uku.

Na san abin da za ku ce: a cire ƙugiyar kawai. Ban yarda ba. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ma haka, kuma sau da yawa jika ne ɗan firamare yake karanta wa kakarsa. Saboda haka na zauna na zaɓi kalmomin da tun asali ba su da ƙugiya. Ba za ku ga haƙuri ba sai afuwa da gafara, ba karɓa sai amsa, ba ƙarfe tara sai 9 na safe. Kada a gyara mini su.

In mutum ya yi sallama kawai, ko ya ce ina kayana bai ba da lamba ba:

Wa alaikumus salam. Mun ga tes da kuka turo. Ku aiko da lambar rasit da sunan mai kaya, za mu duba mu amsa muku yanzu in sha Allah.

Mai tambayar farashi:

Alhaji barka da yini. Jidda zuwa Kano ta jirgin sama riyal 18 ne kowane kilo, daga kilo 10 zuwa sama. Sai an auna a ofis za a yanke jimla.

Maganar aunawar nan ta ƙarshe kada ta fita ko wuri ya ƙure. Ita ke raba mu da gardama ranar da sikeli ya faɗi abin da mai kaya bai zata ba.

Kaya sun tashi, sannan kaya sun sauka. Lambobin da ke ciki na kwalayen da muka ɗora makon nan ne, kowa ya sa na rasit ɗin da ke gabansa, ya karanta lambar sau biyu:

Hajiya barka da yamma. Kayanku masu rasit 4172, kwali 3, sun tashi daga Jidda daren Talata. Za mu sanar da ku da zarar sun sauka Kano.

Kayanku masu rasit 4172 sun isa Kano. Wakilinku ya zo da katin shaida da lambar rasit, Litinin zuwa Asabar, 9 na safe zuwa 5 na yamma agogon Najeriya.

Ta biyun harafi 150 ce, saura goma kacal, don haka babu wurin gaisuwa. Agogon Najeriya kuwa dole ne a faɗa, domin mun riga su da awa biyu, kuma mai aikowa da agogon nan yake lissafi.

Jinkiri shi ne inda aka fi ɓata saƙo da dogon bayani. Mai kaya abu uku yake son ji: me ya faru, yaushe, da ko zai ƙara kuɗi.

Baba a gafarce mu. Kayanku masu rasit 3958 ba su tashi ba, jirgin Alhamis ya cika. An sa su a na Lahadi. Ba sai kun sake biyan komai ba.

Abin da ba ma ɗauka:

Hajiya, turaren fesawa da batir ba sa shiga kwalin jirgin sama, ku ware su gefe. Dabino, abaya, darduma da carbi duk babu matsala.

Zamzam ba ma aikawa. Alhazai da masu Umara na sayen galan mai lita 5 a filin jirgi, su tafi da shi tare da kayansu.

Wanda ya nemi hoton rasit ko na kwalinsa:

Hoto ba ya bi ta tes. Ku ba mu lambar wani naku mai babbar waya mu tura masa, ko ku biyo ofis bayan La'asar a ba ku takardar.

Ku lura da alamar da ke cikin La'asar da Jumma'a. Miƙaƙƙiyar tana cikin jerin, lanƙwasasshiyar ba ta ciki, kuma wasu manhajojin rubutu suna lanƙwasa ta ba tare da ka sani ba. In ma'aunin da ke ƙasan akwatin rubutu ya koma lissafi da 70 alhali ba ka ga ƙugiya ba, ita ce. Goge ta ka sake bugawa da hannu.

Tes da ya shigo muna rufe:

Jumma'a mai albarka. Yau ba ma aiki sai bayan La'asar. Mun ajiye tes naku, shi za mu fara amsawa in mun dawo.

Wannan kuma a tura shi ga duk wanda ya ce an kira shi da sunanmu:

Ku yi hattara. Ba ma tambayar lambar sirri ta banki ko wadda aka turo muku a waya. Biya a ofis ne kawai, a ba ku rasit a hannu.

Yaranmu haifaffun nan da yawa da Larabci suke rubutu. Wanda ya rubuto da Larabci a amsa masa da shi, a yarda da iyakar 70 ɗin, a tsaya kan lambar rasit da rana. In babu mai rubuta shi da kyau a teburin, a kira.

Kaya sun fashe, sun jiƙe ko an rasa kwali, wannan ba maganar harafi 160 ba ce. Layi ɗaya za a tura, sannan a rubuta lambar a littafin kira, ni zan kira da kaina:

Hajiya a yi mana afuwa, mun ga abin da ya samu kayanku. Shugaban ofis zai kira ku yau bayan sallar Isha. Ku ajiye kwalin yadda yake.