Kwandon Mako: Daga Gonar Kadawa Zuwa Ƙofar Gida

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena, Hajiyoyi da amare. Ina kwananku, ya gida, ya yara? Ni ce mai Kwandon Mako, ku ba ni minti uku kacal.

Uwargida, sau nawa kika aiki yaro cefane ya dawo miki da tumatir rabinsa ya ruɓe, alayyahu ya yi yaushi tun kafin ya ga tukunya? Ba laifin yaron ba ne. Kayan sun kwana a mota, sun yini a rana, sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso gare shi. Wannan doguwar hanyar ce muka gajarta.

Gonarmu tana Kadawa, a ƙaramar hukumar Garun Malam, kan hanyar Zariya. Ruwan da muke ban ruwa da shi daga madatsar Tiga yake zuwa ta magudanan noman rani, ba ruwan kwata ba ne. Mahaifinmu ne ya fara noman, yanzu yayyena maza biyu ke riƙe da shi, ni kuma nake kula da kawo muku. Ganye ana yankarsa bayan sallar asuba, tumatir da tattasai a tsinke su da yammacin jiya. Kafin azahar kwandonki yana ƙofar gidanki, in Allah ya yarda.

Kwando iri biyu ne. Ƙarami naira 7,000, ya ishi gidan mutum uku zuwa biyar mako guda: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, alayyahu dami biyu, da karas. Babba naira 13,000, na gidan yawa, kayan miyan nan ninki biyu, ga kabeji, latas, kokwamba da koren tattasai a kai. Kuɗin kawowa yana ciki, ba a ƙara miki ko sisi a bakin ƙofa.

In maigida ba ya son yaji, ki faɗa mana, mu rage attaruhu mu cika miki da tattasai. Mai son miyar taushe ta ce a sa kabewa da yakuwa. Mai kwaɗo ta ce zogale ko rama. Lawashi kuwa kyauta muke sakawa duk lokacin da yake akwai, don na san masu dambu ba sa wasa da shi.

Bari in gaya muku gaskiya tun yanzu, don kada mu ɓata daga baya. Gona ba kanti ba ce. Lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, tumatir da latas da kabeji sai wanda kika zaɓa. Da damina ta sauka tumatir yakan yi wuya, kowace mai girki a Kano ta san haka. A lokacin ba za mu cusa miki ruɓaɓɓe don kwando ya cika ba. Za mu sanar da ke tun kwana biyu kafin ranar kawowa, mu ƙara miki kuɓewa ɗanya, gauta da ganye, ko ki ce a ba ki busasshen tumatir da muka shanya da kanmu a kan tabarma. Zaɓi naki ne.

Idan kaya sun iso, ki buɗe a gaban mai kawowa, ki duba har ƙasan kwandon, domin ƙasan ne ake ɓoye mugun kaya. Abin da bai yi miki ba ki mayar masa, mako mai zuwa mu biya ki. Sai kin gani kin gamsu sannan ki biya, kuɗi a hannu ko taransifa. Shawara ɗaya: ki fara da ganye a kwana biyun farko, ki naɗe ragowar a tsumma mai danshi, albasa kuma ki baza ta inda iska ke ratsawa, kada ki bar ta a leda.

Ranar Laraba muna Naibawa, Tarauni, Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi. Ranar Asabar muna Sharaɗa, Kabuga da Rijiyar Zaki. Ma'aikatan da ba sa gida da rana, ku ba mu sunan wanda zai karɓa. Alhaji, kai ma in kana so ka ɗauke wa Hajiya wahalar cefane, ko ka riƙa aika wa Inna a gida duk mako, sai ka yi magana.

A turo saƙo ta wannan lambar da muryata ta zo muku: suna, unguwa, kwatancen gida, da irin kwandon da ake so. Masu Laraba su turo kafin Litinin da dare, masu Asabar kafin Alhamis da dare, domin gwargwadon abin da aka nema ake yanka. Makon farko ki gwada ƙarami, babu dole sai kin ci gaba.

Don Allah a tura wa maƙwabta da 'yan uwa. Na gode, Allah ya ba mu lafiyar ci, a gaida yara.